Akwatin BCC yana da atam a tsakiya, me ya sa FCC ya fi shi cika?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu a jami'a, ina karatun injiniyancin ƙarafa. An sa mu haddace cewa tsarin jerin atam na FCC, mai atam a kusurwoyin akwati da tsakiyar fuskokinsa, yana cika kashi 74 cikin ɗari na wuri, BCC kuma, mai atam a kusurwoyi da tsakiyar akwati, kashi 68. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a zanen littafi tsakiyar akwatin BCC akwai atam, tsakiyar na FCC kuwa wayam take. Yaya aka yi mai rami a ciki ya fi cika? Kuma bambancin nan yana da wani tasiri a ƙarfe na gaske, ko lissafin jarrabawa ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zanen akwatin ne ya karkatar maka da hankali, don haka mu ajiye shi a gefe tukuna. Ƙwayoyin atam ba su san da wani akwati ba. Mu ne muka zana shi domin sauƙin lissafi, kuma muna iya ɗora shi a duk inda muka ga dama. Ɗauki akwatin FCC ɗin nan ka tura shi gefe da rabin tsawonsa, ba tare da ka taɓa atam ko ɗaya ba, sai ka ga atam ya faɗo tsakiyarsa cif, sauran kuma sun koma tsakiyar gefuna, kusurwoyi sun zama wayam. Tsari ɗaya ne, zane ya canja. Ka ga ashe ko akwai abu a tsakiya ko babu, ba ya gaya maka komai game da cika. Abin da ke yanke hukunci shi ne a ina ƙwayoyin suke taɓa juna, kuma kowace ƙwaya da ƙwayoyi nawa take taɓawa.

Hanya mafi sauƙi ta ganin wannan ita ce ka gina tsarin da hannunka. Nemo lemu masu girma ɗaya, a ce kowane faɗinsa santimita 6 ne. Jera su a kan faranti layi-layi, huɗu nan huɗu can, kowane yana manne da na gabansa da na bayansa da na dama da na hagu. Tsakanin kowane lemu huɗu za ka ga gurbi. Hawa na biyu a cikin waɗannan gurabun zai zauna, na uku kuma a gurabun na biyu, wato daidai saman na farko. Haka mai sayar da lemu yake tula nasa a bakin titi, kuma wannan tulin shi ne FCC, ba kama da shi ba, shi ne da kansa. Ƙirga maƙwabtan lemun da ke can cikin tulin: huɗu a hawansa, huɗu a ƙarƙashinsa da yake zaune a kansu, huɗu a samansa da suke zaune a kansa. Goma sha biyu ke nan, kuma duk suna taɓa shi.

Yanzu mu auna wurin da kowane lemu ya ci. A ƙasa ya mallaki fili mai santimita 6 sau 6, wato murabba'in santimita 36. A tsaye kuwa hawa na biyu bai hau da cikakken santimita 6 ba, domin ya ɗan nutse cikin gurbi. Daga tsakiyar gurbin zuwa tsakiyar kowane lemun ƙasa, a kwance, akwai santimita 4.24, wato rabin layin da ya ratsa murabba'in daga kusurwa zuwa kusurwa. Daga tsakiyar lemun sama zuwa tsakiyar na ƙasa kuma santimita 6 ne tunda suna taɓa juna. Ƙa'idar Pythagoras ta ba ka tsayin hawan: a cire 18 daga 36 a ɗauki tushen abin da ya rage, wato santimita 4.24. Kowane lemu ke nan ya ci wuri mai girman 36 sau 4.24, kimanin 152.7 cm³. Jikin lemun kansa 113.1 cm³ ne. Raba 113.1 da 152.7, ka sami 0.74. Ga kashi 74 ɗinka ya fito, ba mu ko zana akwati ba.

Don ka sami BCC, rushe tulin ka sake jera hawa na farko, amma wannan karon ka ware lemun kaɗan, yadda tsakiyar kowane zuwa tsakiyar na kusa da shi zai zama santimita 6.93 maimakon 6. Yanzu akwai rata ta kusan santimita ɗaya tsakanin kowane biyu, ba mai taɓa ɗan'uwansa a hawa ɗaya. Gurabun sun buɗe, saboda haka hawa na biyu zai nutse sosai, tsayinsa ya sauko zuwa santimita 3.46. Lura da wannan adadin: rabin 6.93 ne daidai. Ma'ana, daga hawa na ɗaya zuwa na uku tsayin ya yi daidai da ratar da ke kwance, sai lemu huɗu na ƙasa da huɗu na hawa na uku suka haɗa akwati mai gefuna daidai, lemun hawa na biyu yana zaune a tsakiyarsa. Wannan shi ne zanen da ke cikin littafinka.

To me aka samu, me aka rasa? An samu a tsaye, domin tsayin hawa ya ragu daga 4.24 zuwa 3.46, ragin kashi 18 cikin ɗari. Amma an yi asara a kwance, kuma asarar ta ɓangare biyu ce, tsawo da faɗi, saboda haka filin kowane lemu ya tashi daga 36 zuwa 48, ƙarin kashi 33 cikin ɗari. Ribar ba ta biya asarar ba. Wurin da kowane lemu ya ci ya zama 48 sau 3.46, kimanin 166.3 cm³, idan ka raba 113.1 da shi ka sami 0.68. Maƙwabta kuma sun ragu daga goma sha biyu zuwa takwas, domin huɗun nan na hawa ɗaya sun ja baya. Atam ɗin da ka gani a tsakiyar akwatin BCC bai zo ya cike wani rami da yake nan da ma ba. Kafin ya sami wurin zama sai da ya tura na kusurwoyi takwas suka rabu da juna, kuma wannan turawar ita ce ta jawo raguwar cika. Ni a ganina da za a riƙa fara koyar da darasin da wannan hanya, da rabin ruɗanin ɗalibai ya kau. Wani abin sha'awa ma, idan ka bi warewar nan sannu a hankali daga santimita 6, cikar tana raguwa har ta kai ƙarshen raguwarta a daidai 6.93, daga nan ta fara ƙaruwa kuma. Wato a kan wannan hanya ta ware lemu, BCC shi ne wurin da tulin ya fi sakwarkwacewa.

Kafin mu bar tulin farko, ka dubi gefensa, wato gangaren dalar. Za ka ga a wannan fuskar lemun ba a murabba'i suke jere ba, kowane yana kewaye da shida, duk suna manne. Wannan shi ne shimfiɗi mafi matsi da za a iya yi da abu mai zagaye, yana rufe kusan kashi 91 cikin ɗari na fili. Idan ka kalli tulin ta wannan fuskar, FCC jerin irin waɗannan shimfiɗu ne, ɗaya kan ɗaya. A kan kowane shimfiɗi akwai gurabu iri biyu, amma rabinsu kawai hawa na gaba zai iya zama a ciki. Idan na farko yana matsayin A, na biyu ya zauna a B, to na uku yana da zaɓi: ko ya koma daidai saman A, ko ya ɗauki matsayi na uku, C. Jerin ABCABC shi ne FCC. Jerin ABAB kuwa wani tsari ne da ake kira HCP, irin na zink da maganiziyam da taitaniyam, shi ma maƙwabta goma sha biyu ne, cikarsa kashi 74. Ta wannan fuskar ƙidayar maƙwabtan ta zama shida da uku da uku, ta ɗaya fuskar huɗu da huɗu da huɗu, duk dai goma sha biyun nan ne. BCC ba shi da irin wannan shimfiɗi ko ta ina ka yanka shi. Mafi matsin da yake da shi yana rufe kashi 83 ne kawai.

Kashi 74 ɗin nan shi ne iyaka, ba a wuce shi da ƙwallaye masu girma ɗaya. Johannes Kepler ya faɗi haka a 1611 ba tare da hujja ba, Gauss ya tabbatar da shi a 1831 ga jeri mai maimaita kansa ƙwaya-ƙwaya, cikakkiyar hujja ga kowane irin jeri kuwa sai 1998 Thomas Hales ya kawo ta da taimakon kwamfuta.

Yanzu za mu iya dawo da akwatin, tunda da shi za a tambaye ka a jarrabawa. Mataki uku ne. Na farko ƙidaya. Atam na kusurwa akwatuna takwas ne suke raba shi, don haka ɗaya bisa takwas ne rabon kowane. Na fuska akwatuna biyu ne suke raba shi, rabi-rabi. Na tsakiya na akwatin ne shi kaɗai. A FCC kusurwoyi takwas sun ba da atam ɗaya, fuskoki shida sun ba da uku, jimla huɗu. A BCC kusurwoyi sun ba da ɗaya, tsakiya ɗaya, jimla biyu. Mataki na biyu shi ne nemo layin da ƙwayoyin suke taɓa juna a kansa. A FCC layin da ya ratsa fuska ne daga kusurwa zuwa kusurwa. A BCC kuwa layin da ya huda cikin akwatin ne daga kusurwar ƙasa zuwa kusurwar sama da ke can ɗaya ɓangaren. A kowannensu layin yana ɗauke da rabin atam, cikakken atam, da wani rabin, wato r sau huɗu, idan r shi ne rabin faɗin atam, a kuma tsawon gefen akwati. Na uku shi ne rabawa.

```
FCC:  4r = a√2   a = 2.828r   a³ = 22.63r³
      4 × (4/3)πr³ / a³ = π/(3√2) = 0.7405

BCC:  4r = a√3   a = 2.309r   a³ = 12.32r³
      2 × (4/3)πr³ / a³ = π√3/8 = 0.6802
```

Dubi girman akwatunan biyu da kyau, domin littattafai sukan zana su da girma ɗaya, kuma wannan ma yana ƙara ruɗa ido. Akwatin FCC ya fi na BCC girma sau 1.84, amma ƙwayoyin da ke cikinsa sun ninka sau biyu cur. Raba 2 da 1.84 ka sami kusan 1.09, daidai da abin da za ka samu idan ka raba 74 da 68.

Kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai shi ne su ɗauka ƙwayoyin kusurwa suna taɓa juna a kan gefen akwati, su rubuta a = 2r. Wannan gaskiya ne a tsarin da ke da atam a kusurwoyi kaɗai, mai cikar kashi 52, wanda a cikin ƙarafa foloniyam ne kawai aka sani da shi. Idan ka sa a = 2r a FCC amsarka za ta fito 2.09, a BCC kuma 1.05. Duk lokacin da ka ga amsa ta haura 0.74, kada ka ɓata lokacin duba kalkuleta, koma ka duba layin taɓawa, nan matsalar take. Kuskure na biyu shi ne a ga duk wani zane mai abu a tsakiya a kira shi BCC. Sai idan na tsakiya da na kusurwa iri ɗaya ne. Gishirin CsCl yana da ƙwaya ɗaya a tsakiya, wata iri dabam a kusurwoyi, don haka ba BCC ba ne. Na uku shi ne haɗa cika da nauyi. Alminiyam FCC ne, amma nauyinsa giram 2.70 ne a kowane cm³, tangistan kuwa BCC ne, ya haura giram 19. Cika tana gaya maka yadda aka jera, nauyi kuma ya dogara har da nauyin kowace ƙwaya da girmanta.

Ga gwajin da zai nuna maka cewa ƙidayar huɗu da biyu ba wasan takarda ba ce. Gefen akwatin jan ƙarfe, kamar yadda aka auna da hasken eksire, nanomita 0.3615 ne. Girman akwatin ke nan 4.724 × 10⁻²³ cm³. Nauyin mol ɗaya na jan ƙarfe giram 63.55 ne, kuma mol ɗaya yana da ƙwayoyi 6.022 × 10²³. Idan ƙwayoyi huɗu ne a akwati, nauyinsu ya kama 4.221 × 10⁻²² giram. Raba da girman akwati, ka sami giram 8.94 a kowane cm³. Ɗauki guntun jan ƙarfe ka auna a sikeli ka kuma tsoma a ruwa ka ga girmansa, abin da za ka samu bai wuce nan ba, wajen 8.9. Da ƙwayoyi biyu ne a akwatin, da lissafin ya ba da 4.47, wanda ko kusa bai yi ba. Yi wa baƙin ƙarfe haka da gefen nanomita 0.2866, nauyin mol giram 55.85, da ƙwayoyi biyu, za ka sami 7.88, abin da aka auna kuma 7.87 ne.

Tasiri a ƙarfe na gaske kuwa akwai shi, kuma baƙin ƙarfe ne ya fi dacewa a duba, domin shi yana shiga duka tsarin biyu. A zafin ɗaki BCC ne. Idan ka dumama tsantsarsa ya kai digiri 912 a ma'aunin Selshiyas sai ya juye ya zama FCC, a digiri 1394 ya sake komawa BCC, ya narke a 1538. Ƙwayoyi iri ɗaya, jeri biyu, ga damar gwada lissafinmu. Idan ƙwayoyin ƙwallaye ne masu tauri da girmansu ba ya canjawa, to tashi daga kashi 68 zuwa 74 zai sa ƙarfen ya tsuke da kusan kashi 8 cikin ɗari na girmansa. Mu duba abin da ake aunawa. A wajen digiri 912 gefen akwatin BCC kusan nanomita 0.2904 ne, na FCC kuma kusan 0.3647. Ninka kowanne sau uku a kansa, ka raba na farko da biyu, na biyu da huɗu, domin ka sami wurin da ƙwaya ɗaya ta ci. Na BCC ya fito 0.01225 nm³, na FCC 0.01213 nm³. Bambancin kashi ɗaya ne cikin ɗari, ba takwas ba.

Tsukewar tana nan, kuma ana ganinta ido da ido. Sandar ƙarfe da ake dumamawa tana ƙara tsawo a hankali, tana isa wannan zafin sai ta ja baya, kamar milimita uku a kowace mita, sannan ta ci gaba da miƙewa. Alƙibla ta yi daidai da lissafin, girman ne bai kai ba. Dalili kuwa shi ne atam ba shi da ɓawo mai tauri. Abin da muke kira r ba wani abu ba ne illa rabin nisan da ke tsakanin maƙwabta biyu mafi kusa, kuma wannan nisan yana canjawa da yawan maƙwabta. Fitar da r daga alƙaluman can na sama ka gani: a BCC nanomita 0.126, a FCC 0.129. Ƙwayar da ke riƙe da maƙwabta takwas tana jawo kowanne kusa, wadda ke riƙe da goma sha biyu kuwa riƙon ya rabu, kowane maƙwabci ya ɗan yi nisa. Ƙarin kashi biyu da rabi a r ya zama ƙarin kashi bakwai da wani abu a girma, shi ya cinye mafi yawan kashi takwas ɗin.

Akwai kuma wani abu da ƙidayar takwas take ɓoyewa. Ka tuna lemun da muka ware, ratar ba ta kai santimita ɗaya ba. A BCC bayan maƙwabta takwas masu taɓawa akwai wasu shida da nisansu ya fi na farko da kashi 15 cikin ɗari kawai, a FCC kuwa sahu na biyu ya fi na farko nisa da kashi 41. Ga ƙwallo mai tauri, wanda bai taɓa ba bai taɓa ba ne kawai. Ga atam kuwa shidan nan ma suna cikin riƙon. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa ƙarafa da yawa suke zaune lafiya a BCC, irin su kuromiyam da tangistan da sodiyam, duk da akwai jeri mafi matsi. Ƙarfe ba ya neman jerin da ya fi cika, yana neman wanda makamashinsa ya fi ƙasa a wannan zafin. A baƙin ƙarfe ma halinsa na maganaɗisu yana da hannu wajen riƙe BCC a zafin ɗaki.

Inda abin ya fi ba da mamaki, kuma inda ramin da ka lura da shi a tsakiyar FCC yake da amfani, shi ne batun kabon. BCC yana da fili maras komai kashi 32, FCC kashi 26. Mutum zai zaci BCC ne zai fi karɓar baƙi. Akasin haka ne. Filin BCC ya fi yawa amma a warwatse yake, ƙananan ramuka masu yawa: mafi girmansu ba zai ɗauki ƙwallon da rabin faɗinsa ya wuce 0.291r ba, kuma akwai irinsa goma sha biyu a kowane akwati. Filin FCC kaɗan ne amma a tattare yake: ramin tsakiyar nan da ire-irensa da ke tsakiyar gefuna suna ɗaukar ƙwallo mai rabin faɗi 0.414r, huɗu ne kawai a akwati. A baƙin ƙarfe wannan ya kama kamar nanomita 0.036 a BCC da 0.053 a FCC. Rabin faɗin ƙwayar kabon kuwa wajen 0.07 ne. Ko'ina sai ta matsa kafin ta shiga, amma a FCC matsin da sauƙi. Sakamakon a fili yake: baƙin ƙarfe mai tsarin FCC yana narkar da kabon har kusan kashi 2.1 cikin ɗari na nauyinsa a wajen digiri 1147, mai tsarin BCC kuwa iyakarsa kamar kashi 0.02 ne a digiri 727. Ninki ɗari ke nan. Wani ƙarin bayani da ba kowane littafi ke kawowa ba: ɗan kabon ɗin da ya shiga BCC ba ma a babban ramin yake zama ba, yana zaɓar wani ƙarami mai 0.155r, domin a can ƙwayoyi biyu kawai zai ture, a babban kuwa huɗu.

A kan wannan bambancin aikin maƙeri yake tsaye lokacin da yake taurara wuƙa ko bakin gatari da ya ƙera daga tsohon sifirin na mota. Kabon da ke cikin irin wannan ƙarfen yana sauko da zafin juyewar, daga 912 har zuwa 727 idan kabon ya kai wajen kashi 0.8. Idan ya zuga wuta ƙarfen ya yi ja sosai, tsarin ya koma FCC, kabon ya narke ya bazu cikin ramukan nan masu faɗi. Da zai bar shi ya huce a hankali, ƙarfen zai koma BCC, kabon ya sami lokacin fita ya taru wuri-wuri a matsayin wani sinadari mai tauri, Fe₃C, sauran jikin kuma ya yi laushi. Amma idan ya tsoma shi cikin ruwa ko mai nan take, ƙwayoyin ƙarfe suna juyewa zuwa jerin BCC kafin kabon ya motsa. Kabon ya maƙale a ramukan da suka yi masa kaɗan, ya tura akwatin ya miƙe ta gefe ɗaya, ya daina zama mai gefuna daidai. Wannan tsarin da ke cike da matsi shi ake kira matensait, shi ne mai taurin da ke riƙe kaifi, kuma shi ne mai saurin karyewa idan ba a sake ɗan dumama shi ba. Tunda juyewar tana zuwa da kumburi, kuma jikin ƙarfen na waje yana riga cikinsa yin sanyi, nan ne tsagewa da lanƙwashewa suke fitowa idan ruwan ya yi masa kaifi da yawa. Idan kuma zafin bai kai inda tsarin ya zama FCC ba, ko sau nawa aka tsoma ba zai taurara ba, magagari zai ci shi kamar da. Wasu suna gwadawa da maganaɗisu, su ce in ya daina kamawa to ya isa. Gwajin yana taimakawa ga ƙarfe mai kabon da yawa, amma ka sani abu biyu ne dabam: tsantsar baƙin ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a digiri 770, alhali yana nan a BCC har 912.

Idan aka ba ka guntun ƙarfe aka ce ka gano wane tsari ne, na'urar eksire ta foda ce za ta raba gardama, kuma kololuwa biyu na farko a zanen da take fitarwa sun isa. Na'urar tana ba da kusurwar 2θ ta kowace kololuwa. Raba kowace kusurwa gida biyu ka sami θ, ka ɗauki sin²θ, ka raba na farko da na biyu. A FCC amsar 3/4 ce, a BCC kuma 1/2. Da hasken da tsawon zangonsa nanomita 0.154 ne, wanda aka fi amfani da shi, jan ƙarfe yana ba da kololuwa a digiri 43.3 da 50.4. Lissafin ya ba da 0.136 da 0.181, rabonsu 0.75. Baƙin ƙarfe yana ba da nasa a 44.7 da 65.0, wato 0.145 da 0.289, rabonsu 0.50. Ka lura kololuwar farko ta biyun kusan wuri ɗaya take, don haka kada ka yanke hukunci da ita kaɗai, ta biyu ce mai bambancewa. Tsarin kusurwoyi kaɗai ma yana ba da 1/2 a biyun farko, sai a kololuwa ta bakwai yake rabuwa da BCC, amma tunda da wuya ka gamu da shi a ƙarfe, wannan ba zai dame ka ba. Idan kuma ka ga sahun kololuwa biyu a samfuri ɗaya na ƙarfen da aka tsoma a ruwa, to wani ɓangare na FCC ne ya rage bai juye ba, kuma daga ƙarfin kololuwar tasa ake ƙiyasta yawan abin da ya rage.